Saƙon ban-gajiya ya wadatar bayan zancen farko

Ma'aikacin da ke Abuja, wanda aka yi masa hanyar wata yarinya a Minna, yakan shirya wa zuwan farko shiri na gaske: ɗinki, turare, har da tunanin abin da zai faɗa. Abin da ba kasafai yake shirya wa ba shi ne saƙon da zai aika bayan an rabu. Ra'ayina shi ne ba ya buƙatar kalaman soyayya a wannan gaɓa. Al'adarmu ta riga ta tanadi abin da ya dace, wato ban-gajiya. Wanda aka tarba, aka shimfiɗa masa tabarma ko aka buɗe masa falo, aka kawo masa ruwa, haƙƙi ne a kansa ya waiwayo da godiya, kuma ba mai kiran wannan zaƙewa.

A ɗauka ya je zance a Tunga ranar Asabar bayan La'asar, ya yi sallama gab da Magariba, ya koma masaukinsa a Bosso. Bayan Isha'i, kafin ƙarfe 9, zai iya rubuta mata:

"Assalamu alaikum, Malama. Na iso masauki lafiya. Allah ya huta gajiya, na gode da karramawa. Har yanzu ina tuna labarin ɗalibanki da suka ƙi yarda an tashi darasi. Idan babu takura, zan so in sake zuwa Asabar ta sama. Ki gaishe min da su Mama."

Nauyin saƙon duka yana kan jimlar ɗaliban nan. Yabon kyau kowa na iya aika wa kowace, kuma ta san haka, don ta sha karanta irinsa. Amma ambaton wani abu da ta faɗa da bakinta shaida ce cewa ya saurare ta, ba zuwa ya yi don ya zayyana mata matakin albashinsa da sunan maigidansa a ma'aikata ba. Mu ma'aikata muna da wannan ciwo: sai mu mai da zance tamkar ganawar neman ƙarin girma. Idan ya rasa abu ɗaya da zai tuna daga bakinta, to shi kaɗai ya yi magana, kuma babu saƙon da zai gyara wannan.

Sai maganar rana. Wasu na ganin ambaton ranar dawowa gaggawa ce, gara a ce "sai mun yi waya". Ni ban yarda ba. Yarinyar da ke gaban iyayenta za a tambaye ta yadda suka yi da baƙon, kuma "ya ce zai dawo nan da mako biyu" amsa ce da za ta iya kai wa mahaifiyarta ba tare da jin nauyi ba. "Sai mun yi waya" kuwa barin ta yake cikin zullumi. Tazarar mako biyu ta dace da mai bin hanyar Suleja da Lambata duk zuwa, ta kuma ba gidan sararin yin bincike a kansa. "Idan babu takura" ita ce ƙofar da ya bar mata ta ce a'a cikin mutunci.

Gaggawar tana wani wajen. Tana cikin kiran ta "amaryata" bayan zaman awa ɗaya, da neman hotonta a daren, da tambayar ranar da zai turo magabata. Haka tura mata kuɗi tare da saƙon: ko da niyyar kirki ce, yana ɗora mata nauyin amsawa, daga nan kuma ba zai iya tantance amsar ra'ayi da ta kunya ba.

Idan shiru ya biyo baya, kada ya bi ta da "kin ga saƙona?" don kawai WhatsApp ya nuna ta karanta. Kawaici kan sa mace ta jinkirta, wata kuma sai ta ji ta bakin yayarta. Ya bari har ya koma Abuja ranar Lahadi, ya sanar da ita ya sauka lafiya, a jimla ɗaya. Amsar da ta tsaya a "Amin, na gode" ladabi ne kawai, ba a yanke hukunci da ita. Wadda ta ƙara da tambayar yadda ya baro hanya, ko ta ce Asabar ɗin suna da biki amma Lahadi tana gida, ta ba shi izinin dawowa. Idan saƙo na biyu ma ya wuce kwana uku babu amsa, sai ya koma wurin wanda ya haɗa su ya ji inda aka kwana.