Ɗalibin da bai samu wurin SIWES ba, wa ke da alhakinsa?

Maganar wannan makon ta shafi ƙannenmu da ke karatun difiloma, da wasu ma daga cikinmu. Ra'ayina shi ne, tsarin da ake bi wajen tura ɗalibai koyon aiki yana koya musu sayen hatimi fiye da yadda yake koya musu sana'a, kuma gyaransa yana hannun makarantu.

Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ce ta kafa shirin SIWES a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa masu digiri da difiloma suna fitowa da takarda amma hannu bai san aiki ba. Ɗalibin difiloma yana yin wata huɗu bayan ya gama shekarar farko, ɗalibin jami'a kuma yawanci wata shida. Kada a haɗa wannan da shekara guda ta sanin makamar aiki da ake nema kafin shiga babbar difiloma. SIWES darasi ne mai maki, wanda bai yi shi ba ba zai karɓi sakamakonsa ba.

A rubuce, makaranta ce ke da nauyin nemo wurare, ta tattara sunayen ɗalibai da inda kowa zai je, ta miƙa wa ITF ta hannun hukumar NBTE. A aikace kuwa, abin da ɗalibi ya fi samu shi ne wasiƙar neman gurbi, a ce masa je ka nemo. Daga nan sai wa ka sani. Ɗan da mahaifinsa ke da aboki a ma'aikata ya samu a kwana biyu, ɗan mai faci ya yi ta yawo.

Mu ɗauki misalin ɗalibin fannin lantarki da ke zaune a Goron Dutse. Wata huɗu mako 16 ne. Ya ɗauki wasiƙa ya nufi Sharaɗa, ya zaga Bompai, ya leƙa Challawa. Wasu masana'antun sun daɗe a rufe, waɗanda ke aiki kuma a bakin ƙofa mai gadi zai karɓi takarda ya ce a dawo. Kafin ya farga mako uku ya tafi, kuɗin mota ya ƙare, bai cike fom ɗin fara aiki da ake kai wa ofishin ITF ba. Alawus ɗin shirin, naira 2,500 a wata, wato 10,000 gaba ɗaya, ba ya zuwa sai can daga baya, kuma ko kuɗin adaidaita sahu ba zai riƙe ba.

Yanzu hanya uku ce a gabansa. Ko ya haƙura ya jira wata shekarar, abokansa su wuce shi. Ko ya karɓi duk inda aka ce masa zo, ya ƙare yana ɗauko fayil a ofishin da babu ruwansa da lantarki. Ko kuwa ya samu mai shago da ke da hatimi, ya ba shi na goro, ya zauna a gida ya cike logbuk. Ta ukun ta fi sauƙi, kuma yadda ake ba da maki bai cika kama ta ba.

Dubi abin da ake aunawa. Akwai logbuk, inda ɗalibi ke rubuta aikin kowace rana, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu duk ƙarshen mako. Akwai ziyarar malami daga makaranta. Akwai rahoto, da zaman kare shi a gaban malaman sashe, sai Fom 8 da ake cikewa a ƙarshe. Rabon maki ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma idan ka cire ziyara, sauran duk takarda ne da baki. Ziyarar kuwa, malami ɗaya aka damƙa wa ɗalibai da yawa a unguwanni daban-daban, sau da yawa sai ya buga waya ya ce ranar kaza zan zo. Ranar ɗalibi zai sa rigar aiki ya tsaya a shagon.

Mu da muke ma'amala da rubutu mun san logbuk na ƙarya ba ya ɓuya. Biro ɗaya, hannu ɗaya, tun daga makon farko har na ƙarshe, takarda fes babu ɗigon mai. Jimlolin duk na littafin aji ne: an koya mini yadda taransifoma ke aiki. Ba za ka ga ranar da aka ɗauke wuta aka yini a zaune ba, ba za ka ga injin da aka gyara ya sake ƙonewa ba. Wanda ya yi aiki da gaske zai rubuta cewa fankar da aka kawo tana gunji ba ta juyawa, aka gwada kafasito aka tarar ya mutu, aka canza. Tambaya ɗaya a zaman kare rahoto ta isa ta raba su: me ya taɓa lalacewa a hannunka?

To mene ne mafita? Ni a ganina, makaranta ta buɗe rajistar ƙwararrun masu sana'ar hannu da ta je ta duba da idonta, ta amince da su tun kafin hutu. Daga Goron Dutse zuwa Ƙofar Ruwa, cikin gari cike yake da masu naɗin koyil, masu walda, kanikawa da masu haɗa sola. Duk ɗalibin da ya kai mako biyu bai samu wuri ba, ya koma ofishin SIWES na makarantarsa, a tura shi ɗaya daga cikinsu, da takardar abin da zai koya.

Ɗalibinmu na lantarki, a shagon mai naɗin koyil, mako huɗun farko ya kwance fankoki da injin jan ruwa, ya koyi gano waya da ta tsinke ko ta haɗe da mita. Mako shida na gaba ya ƙirga zagayen waya, ya gane kaurinta, ya naɗa, ya shafa banish, ya busar. Makonni shidan ƙarshe ya bi maigidan nasa aikin wayarin na gidaje. Ranar kare rahoto a ajiye masa ƙonanniyar fanka da mita a kan tebur, a ba wannan gwajin kaso mafi tsoka na maki. Mai sayen hatimi ba shi da abin da zai saya a nan.

Na san za a ce wani maigidan bai iya turancin cike logbuk ba, ko ba ya kula da kariyar lafiya, ko zai mai da ɗalibi ɗan aike. Damuwa ce ta gaskiya, shi ya sa na ce rajista, ban ce kowane shago ba. Wanda ba shi da kayan aiki ko aka kama yana sayar da sa hannu, a cire shi. Bayanin mako kuma ya yi shi da Hausa, malami ya karanta, ai shi ma Hausar yake ji. Akwai kuma fannonin da shago ba zai wadatar ba, kamar aikin ɗakin gwaje-gwaje. Waɗannan sai makaranta ta ƙulla yarjejeniya da asibitoci da hukumomi, ta fara ba 'yan mata da marasa galihu guraben da ke kusa da gida.

Makarantar da ta sa SIWES ya zama sharaɗin kammalawa, ita ya kamata ta tabbatar kowane ɗalibi ya samu inda zai yi shi. Wanda ya taɓa ratsa wannan hanya a cikinmu, ya faɗa mana yadda ta kaya masa. Allah Ya sa mu dace.