Kuɗin Hajji nan da shekara 2: ajiyar wa'adi ko takardun baitulmali?

1/ Masu tara kuɗin kujera, ku matso. Wanne ya fi, Fixed Deposit ko Treasury Bills, kamar yadda kuke gani a manhajar banki? A lissafi zalla na biyun ya fi. Amma ga kuɗin Hajji, ni ba zan zaɓi ko ɗaya ba. Ku biyo ni.

2/ Na farko ajiyar wa'adi ce. Ka ba banki kuɗi, ya kulle na wasu watanni, ya dawo maka da shi da ruwa. Na biyu takardun baitulmali ne: gwamnatin tarayya kake rantawa ta hannun CBN, na kwana 91, 182 ko 364. Babu na shekara 2, sai dai ka sabunta.

3/ Bambancin yana wajen lissafi. Mu ɗauka, misali kawai, dukkansu sun ce 18%. Takardar miliyan 5 ta kwana 364 za ka saye ta a kusan miliyan 4.1, ranar cika a ba ka miliyan 5 cif. Ka samu wajen dubu 900.

4/ Sa wannan miliyan 4.1 ɗin a ajiyar wa'adi a kan 18%, dubu 738 za ka samu a shekara. Lamba ɗaya, sakamako daban, don ita takarda tun farko ake zabge maka farashi. Ainihin abin da ta ba ka ya kusa 22%. Ka nemi a faɗa maka abin da zai rage bayan haraji a kowanne.

5/ Sai tsaro. Idan banki ya rushe, NDIC tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Kujera kuwa ta wuce haka. Abin da ya haura sai ka jira a sayar da kadarorin bankin. Takarda bashin gwamnati ce, ba na bankin da ya saya maka ba.

6/ To ina matsalar? Ta farko, shekara 2 ɗinka ba shekara 2 ba ce. Hukumar alhazan jiha tana karɓar kuɗi watanni da dama kafin tashi, kuma kowace shekara Hajji na matsowa da kwana 10 ko 11. Ka yi lissafi da wata 16 zuwa 18, ba 24 ba.

7/ Ka sayi takardar kwana 364 sau biyu a jere, sai a sanar da ranar rufe biya kuɗinka na kulle. Ka sayar kafin lokaci, a farashin ranar za a saya, kana iya yin asarar wani abu. Ka fasa ajiyar wa'adi, banki ya yanke maka riba. Zagaye na biyu kada ya wuce kwana 91 ko 182.

8/ Ta biyu ta fi zafi. A 2023 kujera tana wajen miliyan 3. A 2025 ta haura miliyan 8. Jirgi da masauki da guzuri da dala da riyal ake biya, kai kuma naira kake tarawa. Wane 22% ne zai kamo wannan gudun? Kada ka jingina niyyarka da riba. Abin da kake ƙarawa duk wata shi zai kai ka.

9/ Ta uku ita ce babba: duka biyun rance ne da ƙarin da aka yanke tun farko. Wannan shi malamai suke kira riba. Wasu na cewa ai gwamnati ce ba banki ba. Canza mai cin bashi bai canza yarjejeniyar ba. Ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu, ba ana gobe tashi ba.

10/ Mafita akwai. Bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus suna da ajiyar mudaraba: su juya kuɗin a kasuwanci, ku raba abin da aka samu bisa kason da kuka amince. Akwai kuma asusun adashin gata na Hajji da NAHCON ta buɗe da Jaiz a 2020, kana zubawa kaɗan-kaɗan.

11/ Gaskiya ɗaya: mudaraba ba ta yi maka alkawarin adadi, kuma tana iya ba da ƙasa da takarda. Sukuk na gwamnati shi ma wa'adinsa shekara 7 ne ko 10, sai ka nemi mai saye idan lokacin biya ya zo. Ni dai na yarda da wannan ragin, a kan in tsaya a Arfa ina wasiwasin kuɗina.

12/ Kafin ka kulle ko sisi, tambayoyi 3 ga ma'aikacin banki: yaushe zai cika, nawa za a yanke in na cire da wuri, kuma zai sabunta kansa ne ba da izinina ba? In ya fara kame-kame, ɗauki takalminka.

Allah Ya kira mu baki ɗaya. Tura wa wanda ka san yana tari.