Wasiƙa 30 ba amsa, ta 31 ta kawo dala

Yau labarin wani yayanku zan ba ku, ɗan mazaɓar Sakajiki a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda. Ba zan ambaci sunansa ba. Ya gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ya dawo gida ba aiki. A 2024 ya yi rajista a Upwork, wani dandalin intanet da mutanen ƙasashen waje ke tallata aikin da suke so a yi musu, masu neman aiki kuma su rubuta wasiƙar tayi suna cewa su za su iya.

Aika wasiƙar nan ba kyauta ba ne. Akwai wasu tikiti da ake kira Connects, ana sayen kowane ɗaya santi 15 na dalar Amurka, kuma kowane aiki da adadin da yake ci. Shi wasiƙunsa sun riƙa cin kamar takwas-takwas. Ku ɗauki biro ku lissafa: wasiƙa 30 sau 8 ya ba da 240, sau santi 15 ya kama dala 36. Ga wanda bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma sai ya hau babur zuwa cikin Ƙaura kafin ya samu sabis mai ƙarfi da wurin cajin waya, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

A cikin 30 ɗin nan babu ma wanda ya ce masa a'a. Shiru kawai. Ya fara zargin ko don an ga sunan Najeriya ne. Ba zan ce babu masu irin wannan ƙyamar ba, amma da ya zauna ya sake duba ayyukan da ya nema, sai ya ga wani abu daban. Kusan duka aikin shigar da bayanai ne da buga rubutun Turanci, irin wanda duk mai kwamfuta a duniya zai iya. A ƙasan kowace talla dandalin yana nuna yawan waɗanda suka riga suka nema, nasa kuwa yawanci “20 to 50” ne ko “50+”. Mai aiki ba zai buɗe wasiƙa 50 ba. Abin da yake gani a jerin masu nema shi ne hoto da suna da farashi da layi biyu ko uku na farkon wasiƙa. Shi kuma ɗan'uwanmu ya cinye layukan nan da gaisuwa da sunan makarantarsa da rantsuwar cewa shi mai ƙwazo ne. A gida ladabi ne ka fara da gaisuwa. A can, kafin ka gama gaisuwar an wuce ka. Ƙari a kan haka, wasiƙa ɗaya ce ya riƙa kwafa yana liƙa wa kowa.

Sai ya tambayi kansa, me nake da shi wanda mutum 50 ɗin nan ba su da shi? Amsar ita ce Hausa. Ya daina neman komai sai fassara daga Turanci zuwa Hausa, inda masu nema kan tsaya “5 to 10”. Ya kuma daina kashe tikiti a kan tallar da ba ta ɗauke da alamar “Payment method verified”, wato shaidar cewa an tantance hanyar biyan kuɗin mai aikin.

Talla ta 31 daga wata mata ce a Turai, mai aiki da wata ƙaramar ƙungiyar kiwon lafiya. Tana son a fassara ɗan littafi mai kalma 1,800 kan yadda uwa za ta kula da yaro mai gudawa. A wannan karon da tambaya ya buɗe wasiƙarsa: a Najeriya za a karanta littafin ko a Nijar? Ya bayyana mata cewa rubutun ya ɗan bambanta, mu muna rubuta 'ya'ya, su kuma ƴaƴa, kuma mu kalmomin aronmu daga Turanci suke, nasu da yawa daga Faransanci. Sannan ya ɗauki jimla uku daga samfurin da ta liƙa a tallar ya fassara. Ɗaya daga ciki ta zama: a riƙa ba yaro ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ya gaya mata dalilin da ya sa bai kwafi sunan Turanci na wannan ruwa ba, don uwa a ƙauye da wannan sunan ta san shi.

Abu na ƙarshe da ya sa a wasiƙar shi ne wanda ya fi burge ni. Ya ce zai rubuta da haruffa masu lanƙwasa, ya kuma ba ta misali ɗaya: “bari” daban, “ɓari” daban, kuma a littafin lafiya na mata wannan ƙugiyar ba abin wasa ba ce. Matar ba ta jin Hausa, ba za ta iya auna kyawun fassararsa ba. Abin da za ta iya ganewa shi ne mutumin nan ya karanta tallarta, ya kuma hango matsalar da ita ba ta hango ba. Washegari ta amsa: a Najeriya za a karanta.

Sun daidaita a santi 4 kowace kalma, dala 72 ke nan. Ta so ya gama cikin kwana biyu, ya nemi huɗu, bai kuma ɓoye mata cewa sabis yakan ɗauke a yankinsu ba. Wanda ya ga Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ba ya yin alkawarin lokaci da garaje. Bai fara aikin ba sai da ya ga ta zuba kuɗin a ajiyar dandalin. A aikin da aka yanke farashinsa tun farko, dandalin ne ke riƙe kuɗin har mai aiki ya amince da abin da aka miƙa masa. Duk wanda ya ce ku koma Telegram ku ƙarasa magana kafin a ƙulla yarjejeniya, ko ka fara biyan wani kuɗi kafin a ba ka aiki, tarko ne.

Ya miƙa a rana ta uku. Dandalin ya cire kashi 10 cikin 100, yadda tsarinsa yake a wannan shekarar, saura dala 64 da santi 80. Sai da ya jira kwana biyar na tantancewa kafin ya iya fitar da su. Idan aka cire dala 36 da ya ƙona a baya da tikitin wannan wasiƙar, ribarsa ba ta kai dala 28 ba, ba a ma sa kuɗin data da na babur ba. Sai dai matar ta ba shi tauraro biyar da ɗan yabo a shafinsa, kuma duk wanda zai nema aiki a wurinsa nan gaba zai ga wannan a gefen sunansa.

Ku kuma da ke aji, dandalin ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ana rufe asusun wanda aka kama da na aro ko da ƙaryar ƙasar da yake zaune. Abin da ke hannunku yanzu shi ne darasin ƙa'idojin rubutun Hausa. Ku sa allon rubutu na Hausa a waya, ku saba da ƙ da ɗ da ɓ, sannan ku ɗauki sakin layi ɗaya daga littafin kimiyya ku mayar da shi Hausa, ku karanta wa kakarku. Duk inda ta ce “me?”, ku sa alama a wurin ku sake fassarawa.