Hoto Ba Ya Ƙirga Buhu: A Buɗe Mana Takardun Sito

Jama'ar Bauchi, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a shafukanmu, kuma lokaci ya yi da za mu kira ta da sunanta. Da zarar an ce kayan tallafi sun iso, sai a sako hoton sito maƙare da buhuna. Kafin la'asar mun rabu gida biyu. Masu yabo su ce ga buhu dubu ashirin nan ido na gani. Masu suka su ƙirga na gaba da yatsa, su ce bai kai ɗari biyar ba, an sace sauran. Mu a nan muna cewa dukkansu sun yi kuskure iri ɗaya, domin suna neman hoto ya ba da shaidar abin da bai gani ba.

Mu ɗauki lissafin da gwamnati ta faɗa da bakinta. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa ta tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela da buhu 1,200 mai kilo 25. Ke nan rabon jiha ɗaya buhu 24,000 ne, tan 600. Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, don haka in da raba daidai za a yi, tirela ɗaya ce za ta faɗa wa kowacce.

To, a ce an nuna mana hoton tari guda a cikin sito. Mun ƙirga buhu 20 a jere daga hagu zuwa dama, mun ƙirga hawa 15 daga ƙasa zuwa sama. Abin da ido ya gani buhu 300 ne, ba ƙari. Sauran lissafin duk ya rataya a kan lamba ɗaya da mai hoto ya tsaya a gabanta ya tare: sahu nawa ne a baya? In sahu ɗaya ne aka jingina da bango, buhu 300 ne ke nan, rubu'in tirela. In sahu huɗu ne, 1,200 ne, tirela cif. In sahu goma ne, 3,000 ne. Hoton bai canja ko kaɗan ba, amma amsar ta ninka sau goma. Duk wanda ya kalli fuskar tari kaɗai ya yanke adadi, ƙiyasi ya yi, ko da ya rantse.

Ko fuskar ma tana yaudara. Je ka kasuwar Muda Lawal ka kalli yadda 'yan dako ke jera buhu. Ba sa ɗora shi ɗaya bisa ɗaya a miƙe, sai ya zube. Saƙa shi suke yi: hawa ɗaya a tsaye, na bisansa a gicciye. Saboda haka a wani hawa tsawon buhu kake gani, a wani kuma bakinsa, kuma adadin da ke fuskar ba ya zama ɗaya. Mai ƙirga na gaskiya yakan hau saman tari ya ƙirga hawa guda cikakke, tsawo da faɗi, ya ninka da yawan hawa, sannan ya cire giɓin da ke sama inda aka riga aka ɗiba. Sai kuma nauyi. Buhu 1,200 mai kilo 25 daidai yake da buhu 600 mai kilo 50. In babu mutum ko ƙofa a gefe da za a gwada girma, da wuya hoto ya bambance maka su, balle buhun da aka farke aka rage mudu biyu aka sake ɗinkewa.

Dala ta fi kowane tari ɓoye cikinta. Don sauƙin lissafi, a ce gindinta buhu 30 ne ta kowane gefe, kowane hawa kuma yana raguwa da ɗaya har ƙololuwa. In cike take, buhu 9,455 ne a cikinta. Amma waɗanda ke waje, waɗanda za ka gani ko da ka zagaye ta sau bakwai, 1,741 ne kacal. Fiye da kashi huɗu cikin biyar a ɓoye suke. Dala cikakkiya da dalar da aka lulluɓe katako da buhuna, a hoto tagwaye ne.

Wannan ne ya haddasa cacar baki a watan Janairun 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da dalar shinkafa a Abuja, aka ce buhu kusan miliyan ɗaya ne. Nan da nan wani hoto ya bazu mai nuna katako a cikin dala, aka ce asiri ya tonu. Daga baya masu bin diddigi suka gano tsohon hoto ne daga jihar Ogun. Hoton hukuma bai tabbatar da miliyan ɗaya ba, hoton masu suka kuma bai ƙaryata ba. Kowa ya tashi da abin da ya zo da shi, talaka kuwa bai san ko buhu nawa ne ba.

Wani zai ce ai hoto ya fi babu, kuma mai tuhumar hoto neman rigima yake. Mun yarda hoto na da amfaninsa. Yana nuna cewa aƙalla buhu kaza sun kasance a wuri kaza lokacin da aka ɗauka. Iyakarsa ke nan: yana ba da mafi ƙanƙantar adadi, ba ya ba da jimla. Bai kuma nuna ko tarin na nan washegari ba, ko tari ɗaya ne aka ɗauka ta kusurwa uku. Game da rigima kuwa, duhu ne ke haifar da ita. Mun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2020, lokacin da aka riƙa fasa rumbunan tallafin korona a jihohi da dama. A nan Bauchi ma an kutsa sito, aka tarar da wayam. Jita-jita ce ta yi wa mutane ƙirga, saboda babu lissafin da suka riƙe a hannu.

Abin da muke nema ba sabo ba ne, kowane ma'ajin sito ya san shi. Kowace tirela tana zuwa da takardar rakiya mai lambar mota, adadin buhu da nauyinsu. Kowane tari yana da kati da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da kwanan wata da sa hannu. A wallafa su tare da hoton. A ɗauki kowane tari ta gaba, ta gefe da ta sama, da mutum tsaye a jikinsa. A bar wakilan unguwanni su zagaya bayansa, tun da ƙa'idar ajiya ma ta ce a bar hanya tsakanin tari da bango. Sannan a manna rabon kowace mazaɓa a ƙofar mai unguwa, ta yadda in an haɗa zai koma 1,200 ɗin da aka sauke.

Mu ma 'yan shafi da namu nauyin. Kada mu ƙara tura hoton sito da adadi a ƙarƙashinsa, na yabo ko na zargi, sai mun sami amsar tambaya uku: sahu nawa ne a baya, kilo nawa ne buhun, kuma ina katin tarin? Jami'in da ya kawo kaya cikakku ba zai ji tsoron waɗannan tambayoyi ba, su ne ma za su wanke shi. Wanda kuma ya ce mu wadatu da hoto, sai ya faɗa mana dalilin da ya sa ba ya son mu leƙa bayan tarin.