Matan Bayan Naira Goma da Ƙaryar Tabarau Uku

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a azuzuwan nazarin zane da adabi, daga Samaru har Kano: wai ra'i tabarau ne. Ka sa na Markisanci ka ga talaka da mai kuɗi, ka cire ka sa na Matantaka ka ga mace da namiji, ka sa na Freud ka ga sha'awa da tsoron da zuciya ta binne. Kowane da gaskiyarsa, babu wanda ya fi wani, ɗalibi ya zaɓi wanda ya yi masa. Malamai na son maganar don tana kashe gardama, ɗalibai na son ta don tana cika babi na biyu na kundi. Ni kuwa ina ganin lalaci ne aka naɗa wa rawani. Ra'o'in nan uku da'awa suke yi a kan zane, da'awar kuma tana iya cin karo da 'yar'uwarta, tana iya faɗuwa idan aka gwada ta da abin da ke cikin zanen da abin da ke cikin tarihinsa.

Ba sai mun je Faris neman misali ba. Duk ɗan Makarfi ko Ikara ko Kudan ya taɓa riƙe takardar naira goma. A gabanta akwai Alvan Ikoku, malamin makaranta, da sunansa a rubuce. A bayanta mata biyu ne na Fulani ɗauke da ƙoren nono a ka. Tun 1979 suke wurin, kuma da aka mayar da takardar ta leda a 2009 ba a taɓa su ba. Gaskiya ne bugun inji ne ba aikin buroshi ba, amma surar ita ce dai wadda masu zane ke ta maimaitawa da fenti suna rataye ta a otal-otal da ofisoshi: mai tallar nono, dogon wuya, kitso, ƙwarya a bisa ƙwarya. Da wuya a sami zanen da idon Bahaushe ya fi yawan gani kamar wannan, da wuya kuma a sami wanda aka fi wucewa ba a duba ba.

Ɗan Markisanci tambayarsa ita ce: aikin wa aka nuna, wa kuma aka ɓoye? Idan ya duba sai ya ga an ɗauko matan an tsayar da su a sarari, babu mai saye, babu ciniki, babu tafiyar da ta kawo su daga ruga zuwa kasuwa. An bar kwalliyar aiki, an share wahalarsa da farashinsa. Sannan ga abin da zai fi jan hankalinsa: an buga hoton mai sana'a a jikin kuɗin da shi ne ke auna guminta, kuɗin da a yau ba ya sayen ludayi guda na nonon da take ɗauke da shi. Zai tuna cewa a 1979 ɗin da takardar ta fito, zancen jangali yana da zafi har gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta sanar da soke shi tare da haraji a Jihar Kaduna, wato hukuma ta daɗe tana kallon ruga a matsayin wurin tatsa kafin ta mayar da ita ado. Zai ƙara da madarar gari da ta gwangwani da ake shigowa da su daga waje, da kuma yadda noman rake da tumatir a fadamun wannan yanki ke matse makiyaya da burtali. Wannan karatu mai ƙarfi ne, kuma Zariya ta san shi, don a nan Yusufu Bala Usman ya koyar da tarihi.

To amma ga raminsa. Yana ɗaukar ruga a matsayin abu guda, gida ɗaya da kasuwa da hukuma ke zalunta. Nan ne mai ra'in Matantaka za ta tsayar da shi, kuma da hujja.

A nan ma sai an rarrabe, domin akwai karatun Matantaka na sauri wanda nake yawan gani a takardun ɗalibai. An haddace John Berger na 1972, cewa a zanen Turai namiji ne mai kallo mace abar kallo, an haɗa da Laura Mulvey ta 1975, sai a rubuta cewa matan nan an ɗora musu kaya, an mayar da su abin sha'awar ido, shi ke nan. Rabin maganar daidai ne: namijin da ke gaba yana da suna da tarihi, matan baya kuwa wakilan ƙabila ne kawai, ba a ce ga 'yar wane ba. Ko a takardar naira ashirin, da aka sa Ladi Kwali mai ginin tukwane a 2007, an rubuta sunanta, wanda ya nuna rashin sunan nan zaɓi ne ba dole ba. Amma cewa ƙwaryar nauyi ce da aka ɗora mata kuskure ne, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da masu fura da nono a kasuwar Makarfi ya san haka. Ƙwaryar jarinta ce. Ann Waters-Bayer, wadda ta yi bincike tsakanin Fulanin zaune a kudancin Jihar Kaduna a shekarun 1980, ta nuna cewa da zarar an tatsi nono an miƙa wa mace, ita ke yanke nawa za a sha a gida da nawa za a kai kasuwa, kuɗin kuma nata ne. Ita ke kwantar da shi ya yi tsami, ta kaɗa ta fitar da man shanu ta sayar daban, ta san yadda za ta riƙe masu saye da rani lokacin da shanu suka janye.

Wannan ya fasa gidan da ɗan Markisanci ya ɗauka dunƙulalle. Mai gida yana son a bar wa ɗan maraƙi nono don garke ya ƙaru, matar tana son ya shigo ƙwarya, kuma kowace safiya ana wannan ja-in-ja a cikin ruga. Saboda haka idan aka kawo shirin tattara ɗanyen nono ana biyan mai shanu kai tsaye, ɗan Markisanci na iya murna cewa makiyayi ya sami farashi mai kyau, alhali kuɗin ya fita daga hannun mace ya koma aljihun miji. Ka ga ba tabarau biyu ba ne a kan gaskiya ɗaya. Ɗaya ya ce zanen ya ɓoye wadda aka tatsa, ɗaya ta ce zanen, ko da gangan ko ba da gangan ba, ya kama ɗan lokacin da mace ke riƙe da dukiyar kanta tana tafiya kasuwa da ƙafarta, abin da matar kulle da ta dama furar ba ta samu ba, sai dai ta aiki 'yarta talla. Dole ɗalibi ya auna. A ganina, a kan wannan zane karatun Matantaka na biyu ya fi na Markisanci kaifi, kuma ya rushe rabin na farkon. Ba sabuwar rigima ba ce ma: ƙungiyar WIN, wadda ta samo asali daga taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982, a kan wannan gaɓa ta tsaya, cewa zaluncin aji da na jinsi tare suke tafiya, ba a jingine ɗaya sai an gama da ɗaya.

Ra'in Freud shi ne aka fi wulaƙantawa da sunan amfani da shi. Ɗalibi zai ga ƙwarya mai zagaye ya ce mahaifa ce, ya ga ludayi ya ce abin da ba sai na faɗa ba, ya kuma yanke cewa mai zanen yana kewar uwarsa. Da wace hujja? Freud kansa ya yi irin wannan a 1910, da ya karanta zanen Leonardo na Maryamu da ɗanta da Hannatu kakarsa, ya ce mata biyun masu kama da sa'annin juna uwayen Leonardo biyu ne, wadda ta haife shi da wadda ta rene shi. A 1956 Meyer Schapiro ya nuna cewa girmama Hannatu ya yaɗu sosai a wancan zamani, kuma wasu masu zane sun riga sun zana ta da ƙuruciya. Abin da aka ɗauka sirrin zuciyar mutum ɗaya, ashe yayin gari ne. Idan haka ta sami Leonardo, wanda ya bar littattafan rubutun hannunsa, ina ga zanen kuɗi da kwamitin banki ya amince da shi?

Amma a juya tambayar daga mai zane zuwa masu kallo, sai ra'in ya fara aiki. Melanie Klein ta yi bayanin yadda jariri ke raba uwa gida biyu a zuciyarsa, mai shayarwa da mai hanawa, ya so ɗaya ya tsani ɗaya, domin bai iya ɗaukar cewa mutum ɗaya ce ba tukuna. Dubi yadda ƙasar nan ke kallon ruga. Mace: kyakkyawa, mai ciyarwa, a kan kuɗi da bangon otal. Namiji: a kanun jarida, da sanda ko bindiga, sunan ƙabilarsa ya zama sunan laifi. Miji da mata ne, gida ɗaya suke kwana, amma idon jama'a ya kasa haɗa su a hoto ɗaya. Wannan karatu ya bayyana abin da sauran biyun ba su bayyana ba, wato dalilin da ya sa mutum zai rataye mai tallar nono a falonsa ya kuma zagi danginta a teburin mai shayi ba tare da ya ji wani saɓani ba. Iyakarsa kuma a fili take: yana magana ne a kan kallon yau, ba zai iya zama dalilin zaɓen hoton a 1979 ba, lokacin da tsoron bai kai haka ba. Ɗalibin da ya ce zanen an yi shi don rufe wannan tsoro ya sa keke a gaban doki.

Masu maganar tabarau sukan kafa hujja da Olympia ta Manet, ta 1863, wai ga zane ɗaya da kowa ya karanta yadda ya so. Tarihin bai goyi bayansu ba. T. J. Clark ya karanta ta a 1984 a matsayin zancen aji da kuɗi da karuwanci a Faris. Lorraine O'Grady a 1992 da Griselda Pollock a 1999 suka nuna baƙar matar da ke tsaye da furanni, Laure, wadda Clark ya kusa tsallakewa. Clark bai ce kowa da tabaransa ba; a gabatarwar sabon bugun littafinsa ya yarda cewa ya yi makanta a nan.

Abin da nake nema ga mai duba kundi shi ne ya daina karɓar babi uku a jere, kowane da ra'insa, ba mai taɓa wani. Ya tambayi ɗalibi a wace gaɓa ce karatu biyu suka saɓa, wane abu ne a cikin zanen ko a tarihinsa zai raba gardamar, kuma me zai gani da zai sa ya janye maganarsa. A kan naira goma, amsar tambaya ta biyu tana wurin masu nono a kasuwannin Ikara da Kudan da Hunkuyi: a je a tambaye su wa ke riƙe kuɗin ƙwarya bana, su ko mazansu.