Gyaran gaggawa ga kayan fita

Sau da yawa sai safiyar Juma'a ko ranar biki ake gano aibun rigar da aka tanada, alhali tela ya yi nisa.

Idan shadda ce ta yamutse, kada a yayyafa mata ruwa, domin ɗigon yakan bar tabo, ya dusashe ƙyallinta. A juya ta bai-bai, a shimfiɗa farin ƙyalle a kai, sannan a goge. Dutsen guga na gawayi kuwa, a fara gwada zafinsa a kan tsumma.

Idan maɓallin wuya ya ɓace, a ciro na can ƙasa a maye gurbinsa. A ninka zare biyu, a sa tsinken ashana ƙarƙashin maɓallin, a soka allura sau shida. Daga nan a zare tsinken, a naɗe zaren a gindi, a ƙulle. Ratar da tsinken ya bari ita ke sa ya ɓallu ba tare da ya ja rigar ba.

Idan wando ya zarce, a auna shi sanye da takalmin fita, a kalmashe ciki, a danne da guga, a kama da ɗinkin hannu. A bar almakashi sai an je wurin tela, don abin da aka yanke ba ya komawa.