Kashe sabis ba yaƙin zamani ba ne

Jama'a, duk lokacin da aka kai hari a hanyar Tsafe ko ƙauyukan Bungudu, sai ka ji wasu na cewa a sake kashe sabis kawai. Wallahi mun cika saurin mantuwa.

A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Aka ce mako biyu ne. Mu na Gusau sai da Oktoba ta kama muka ga sabis, sauran yankuna kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Ina gari aka yi wannan. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtua don kira ɗaya tak, ita ma Funtuwar daga baya aka rufe ta. Ɓarayin dajin fa? Suna da oba-oba, wadda ba ruwanta da ƙarfen sabis, na kusa da iyaka kuma suna kama layin Nijar. Ɗan ƙauyen da zai kira ya ce ga su nan tafe, shi aka toshe wa baki.

Sojojin da suka san aikin ba haka suke yi ba. Da farko saurare suke yi. Duk na'urar da ke aika magana tana fitar da sigina, in aka auno ta daga wuri biyu ko uku, inda layukan suka haɗu nan mai ita yake. Sai an tashi kai farmaki sannan a toshe, wato a cika mitar da yake magana a kai da ƙara mai ƙarfi, a yankin kaɗai, na ɗan lokaci. Wayar da aka kashe kuwa, ta yaya za a bi sawunta?

Ku dubi Yukiren. A Makiivka, farkon Janairun 2023, Rasha da bakinta ta ce sojojinta 89 sun mutu, ta kuma ɗora laifin kan wayoyin da suka kunna. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 da aka fara yaƙin, an yi wa kamfanin Viasat kutse, dubban na'urorin intanet na tauraron ɗan Adam suka mace. Shi ya sa soja mai hankali ba ya dogara da hanya ɗaya. Rediyonsa na sauya mita sau da yawa cikin daƙiƙa guda don kada mai toshewa ya riske shi, maganarsa a kulle take, kuma yana da hanyar ko-ta-kwana.

Ni ba na ƙin a takura wa ɓarayi. Amma duk mai son a sake rufe mana layi, ya fara faɗa mana abin da rufewar 2021 ta haifar. A sayo na'urorin saurare, a horar da masu aiki da su, a bar wa talaka wayarsa.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.